Na tsaya wa ƙanin matata a banki, yanzu ni ake bi: nawa ne ainihin abin da ke kaina?

Baban Ummi:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Yau ni ne da damuwa, kuma na kwana uku ina juya ta kafin na yanke shawarar kawo ta nan. Ni malamin sakandare ne. Farkon bara ƙanin matata ya zo mini yana son ya karɓi rance a wani ƙaramin banki don ya cika shagonsa na kayan sanyi, ya ƙara firiza. Suka ce sai ya kawo garanto biyu, ɗaya lallai ma'aikacin gwamnati. Ni ne ma'aikacin, ɗayan wani abokinsa ne mai sayar da takalma a kasuwa. Na je na sa hannu, na ba da hoto biyu da kwafin katin aikina. Ko minti goma ban yi a wurin ba, domin ina da aji ƙarfe goma sha ɗaya.

Kuɗin naira 1,200,000 ne, na wata goma sha biyu, yana biyan 160,000 duk wata. Ya biya wata biyar, sai ya daina. Yanzu shagon a kulle yake, shi kuma yana Fatakwal, wayarsa ba ta shiga. Ranar Litinin aka kawo mini takarda har makaranta, a gaban shugabana, wai in biya naira 1,870,000 cikin kwana goma sha huɗu.

Tambayata biyu ce. Ta fari, ba shi ya kamata su fara nema ba kafin ni? Ta biyu, ta yaya bashin miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu, da aka biya dubu ɗari takwas a ciki, ya koma miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas da saba'in?

Ɗan Kwari:
Wa alaikumus salam. Malam ka kwantar da hankalinka, barazana ce kawai. Ba kai ka ci kuɗin ba. Doka ta ce sai sun kama shi, sun sayar da duk abin da ya mallaka, in ya kasa sannan su waiwayo ka. Ka ba su lambar mahaifiyarsa ka yi tafiyarka.

Maman Hanif:
Innalillahi. Ni ma fa haka aka yi mini. Wasu masu ba da bashi ta waya sun yi ta kirana wai wata tsohuwar maƙwabciyata ta sa ni garanto, har da cewa za su watsa hotona. Ni ko sanin ta ci bashi ban yi ba. Toshe lambarsu na yi, shi ke nan.

Baristan Zaure:
Malam Baban Ummi, sannu, Allah ya kawo mafita. Bari in fara da na Maman Hanif domin ya fi sauƙi, kuma kada a haɗa su. Hajiya, ke ba garanto ba ce. Wani ya rubuta lambarki a wayarsa bai ɗora miki ko kwabo ba. Tsayuwa irin wannan sai an rubuta ta, kuma wanda ake so a kama da ita ya sa hannu da kansa ko wakilinsa. Kin yi daidai da kika toshe su. Amma shi Malam ya je da ƙafarsa ya sa hannu, don haka toshe lamba ba za ta fisshe shi ba.

Alhaji Ɗan Kwari kuma, ina ma haka ne. A kotunan da banki zai kai wannan magana, abin da aka daɗe a kai shi ne: ranar da mai bashi ya kasa biya, ranar nauyi ya hau kan wanda ya tsaya masa. Banki na iya tsallake mai bashin gaba ɗaya ya yi ƙarar garanto shi kaɗai. Kotun Ƙoli ta faɗi haka ba sau ɗaya ba. Wadda lauyoyi suka fi kawowa ita ce shari'ar Chami da bankin UBA ta 2010, inda aka yi ƙarar wanda ya tsaya wa wani kamfani ba tare da an sa kamfanin a cikin ƙarar ba, kuma kotu ta ce hakan ya yi. Abin da zai canja wannan shi ne in takardar da kanta ta ce sai an fara bin mai bashin, kuma ban taɓa ganin fom ɗin banki da ya yi wa garanto wannan alherin ba. Akasin haka ma ake rubutawa, cewa ka yarda a ɗauke ka tamkar kai ka karɓi kuɗin.

Ɗan Kwari:
Barista ban yarda ba. Mu a kasuwa kullum ana tsaya wa mutane, a ɗauki dila goma na atamfa a kan amana. Ban taɓa ganin an bar wanda ya ɗauki kaya yana yawo an zo an riƙe wanda ya tsaya masa ba. Ai zalunci ne.

Malam Na Tudun Wada:
Alhaji, abin da ka faɗa ba daga iska ka ɗauko shi ba, shi muka tashi a kai. A Risala an ce wanda ya yi lamuni mai biya ne, amma ba ya biya sai in wanda ake bi ba shi da shi, ko kuma ba ya nan. Wannan ne fahimtar mazhabarmu ta Malikiyya, shi ya sa kunnenka ya ƙi maganar Barista. Sai dai abu biyu. Yaron nan ba ya nan, yana Fatakwal, waya a kashe, to ko a wurinmu an cika sharaɗin waiwayar Malam, sai fa in ya bar dukiya a gari da hannu zai kai gare ta ba wahala, ita za a fara taɓawa. Na biyu, a Muhtasar an ce idan mai kuɗi ya gindaya sharaɗi tun farko cewa zai kama duk wanda ya ga dama a cikinsu, sharaɗin yana aiki. To in takardar banki ta ƙunshi wannan, ka ga an dawo wuri ɗaya.

Abin da ya fi damuna ni shi ne kuɗin ruwan da ke ciki. Hadisi ya haɗa mai ci da mai bayarwa da marubuci da shaidu. Ba don in ƙara wa Malam zafi na faɗa ba, abin ya riga ya faru, sai istigfari.

Baban Ummi:
Allah ya gafarta Malam, na ji kuma na karɓa. Wallahi lokacin ban ma kawo wannan a raina ba, idon matata kawai nake dubawa. Barista, to ta fari ta mutu ke nan. Saura lissafin.

Tsohon Ma'aikacin Banki:
Bari in taimaka da lissafin, domin shekara tara na yi ina rubuta irin takardar da aka kawo maka. 160,000 a wata a kan 1,200,000 na nufin 100,000 uwar kuɗi, 60,000 ruwa. Wato kashi 5 cikin ɗari duk wata, kuma a kan cikakken kuɗin ake lissafa shi har ƙarshe, ba ya raguwa don an biya wani abu. Saboda haka tun ranar da ka sa hannu, abin da ka tsaya wa 1,920,000 ne, ba 1,200,000 ba. Nan ne mutane da yawa ke faɗawa. Ya biya 800,000, saura wata bakwai, 1,120,000.

To daga 1,120,000 zuwa 1,870,000 akwai tazarar 750,000. Tarar jinkiri kaɗai da wuya ta kai haka. Ni dai hancina na jiyo mini ƙarin bashi. Malam, ka tabbata bai koma an ƙara masa wani abu ba?

Baban Ummi:
Ban sani ba wallahi. A takardar jimla kawai suka rubuta.

Baristan Zaure:
To kada ka biya ko sisi, kada kuma ka sa hannu a komai, sai ka samo abu uku: kwafin fom ɗin da ka sa wa hannu, kowane shafi, gaba da baya, takardar da suka ba shi ta sharuɗɗan rancen, da cikakken bayanin asusun bashin daga ranar farko. Ka nema a rubuce, ka riƙe kwafi, a buga maka hatimin karɓa. Wanda yake neman kuɗi a wurinka shi ne zai nuna yadda aka yi suka kai haka.

Na ce kada ka sa hannu a komai ne domin abin da suka saba yi shi ne su zaunar da kai, su ba ka ruwa mai sanyi, su ce rubuta mana kawai cewa ka amince da 1,870,000 za ka riƙa biya a hankali. Ranar da ka rubuta wannan, duk wata gardama da kake da ita a kan adadin ka yi mata illa da hannunka.

Auta:
Yaya ni tsorona kada su kawo maka 'yan sanda makaranta. Wani ɗan unguwarmu da ya tsaya wa wani a kotu, da mutumin ya gudu shi aka tsare.

Baristan Zaure:
Auta, wancan beli ne, wata magana ce daban, alkawari ne da aka yi wa kotu cewa za a kawo mutum. Wannan kuwa bashi ne tsakanin mutum da banki. Dokar 'yan sanda ta 2020 da dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta 2015 duk sun hana a kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniya kawai, sun kuma hana a kama wani a madadin wani. Ban ce ba a yi ba, ana yi, amma ba bisa doka ba, kuma ana iya kai ƙara a kai. Inda abin yake rikiɗewa ya zama na 'yan sanda shi ne in akwai cek a ciki. Malam, ka ba su cek?

Baban Ummi:
A'a. Sun tambaya, na ce ban da littafin cek, suka ce ba komai tunda albashi nake ɗauka.

Hajiya Mai Atamfa:
Ka gode wa Allah. Ni cek ɗin ne ya kusa kai ni ƙasa. Shekara huɗu ke nan na tsaya wa wata ƙawata, aminiya ta ƙut da ƙut, tare muka yi aikin Hajji. Aka ce in kawo cek guda biyu in sa hannu kawai, kada in rubuta kwanan wata ko adadi, wai ajiya ce ba za a taɓa ba. Da ta kasa biya suka cike da hannunsu suka kai banki, ya dawo babu kuɗi. Sai ga takardar gayyata, wai na ba da cek na bogi. Kwana biyu ina zirga-zirga, maigidana ko magana ba ya yi mini. Ƙarshe sarƙata da awarwaro na sayar. Ita kuwa har yau in mun haɗu a biki sai ta kau da kai, kamar ni na ci nata.

Baristan Zaure:
Sannu Hajiya. Abin da ya sa suke son cek ke nan. Akwai dokar 1977 a kan cek ɗin da ya dawo babu kuɗi, hukuncinta ɗaurin shekara biyu ne ba zaɓin tara, in an kai cek ɗin banki cikin wata uku daga kwanan da ke jikinsa. Ko dokar ta hau kan cek ɗin da aka ajiye a matsayin jingina, wannan abin gardama ne, lauyoyi na fafatawa a kai. Amma kafin a gama gardamar mutum ya riga ya sha zaman benci a ofishin 'yan sanda. Kuma wanda ya sa hannu a cek ya bar gurbi ya miƙa, a idon doka ya ba wanda ya karɓa damar cikewa, sai dai ya zo ya tabbatar an wuce abin da suka yi da shi.

Ɗan Kwari:
To ai ko ba cek yanzu da BVN suke kwashewa. Akwai tsarin nan na CBN, duk bankin da kake da kuɗi za su shiga su ɗebe. Malam ka kwashe albashinka ran da ya shigo.

Tsohon Ma'aikacin Banki:
Alhaji GSI kake nufi, wanda ya fara aiki 1 ga Agusta 2020. Gaskiya ne yana bin BVN ya shiga asusun mutum a wasu bankuna. Amma da izinin da mutum ya sa wa hannu yake aiki, kuma wanda ya karɓi bashin ne yake sa wannan hannun. Uwar kuɗi da ruwa yake ɗauka, ban da tara. Don ka zama garanto kawai ba ya buɗe musu asusunka. Sai dai in an cusa irin wannan izini a cikin takardun da Malam ya sa wa hannu a minti goman nan, shi ya sa ganin fom ɗin ya zama dole.

Hanyar da na fi gani ita ce biyu. In kana da asusu a bankin da ya ba da bashin, yawanci fom ɗin ya ba su dama su ɗebe daga ciki kai tsaye. In ba ka da shi, sai sun je kotu sun yi nasara, sannan su nemi kotu ta umarci bankinka ya riƙe abin da ke asusunka. Ranar za ka sa kati a na'ura ta ƙi ba ka, ka ɗauka matsalar sabis ce.

Baban Ummi:
Salam. Na dawo. Na kai takardar kamar yadda Barista ya ce, sun ɗan ja ni amma jiya sun ba ni. Mai gidan da ya yi aikin banki, hancinka bai yi ƙarya ba. Sati ɗaya bayan biyansa na biyar sun ƙara masa 500,000, na wata shida, ruwanta 150,000. Daga nan bai sake biyan komai ba. Sai tarar jinkiri 100,000. In an haɗa da 1,120,000 ɗin shi ne 1,870,000 cif. Ba wanda ya kira ni lokacin ƙarin nan, ban sa hannu a komai ba.

Fom ɗin shafi uku ne. A shafin farko an rubuta sunana da nasa da biro, da 1,200,000 da biro, a gurbin da aka ce adadin rancen da aka tsaya wa. A shafi na biyu, cikin ƙananan rubutun da aka buga, sakin layi na huɗu ya ce na ɗauki nauyin duk kuɗin da banki ke binsa yanzu ko nan gaba, da ruwa da tara da kuɗin lauya. Na shida ya ce banki na iya ƙara masa lokaci ko ya canja sharuɗɗa ba sai an sanar da ni ba. Na bakwai ya ce ni da ɗaya garanton ana iya bin mu tare ko ɗaya ɗaya. Wallahi sai jiya na fara karanta shafin nan.

Baristan Zaure:
Madalla, yanzu muna magana a kan abu, ba hasashe ba. Bari mu raba kuɗin kashi uku, domin ba ƙarfinsu ɗaya ba.

1,120,000 ɗin nan, Malam, yana kanka. Ba zan yi maka daɗin baki ba. Ka sa hannu, an ba shi kuɗin, bai biya ba. Cewa ban karanta ba ba ta fid da mai ilimi a kotu, balle malamin makaranta.

650,000 na ƙarin bashi da ruwansa, nan ne kake da abin faɗa. Asalin ƙa'idar ita ce garanto yana ɗaukar abin da ya yarda da shi ne kawai. In mai kuɗi da mai bashi suka koma bayan idonsa suka canja yarjejeniyar ta yadda za ta iya cutar da shi, yana iya fita, wani lokaci ma daga bashin gaba ɗaya. Bankuna sun san da haka, shi ya sa suke rubuta irin sakin layi na huɗu da na shida, don su toshe wannan ƙofa tun kafin a zo. Da a ce su kaɗai ne a takardar, da na ce maka ka shirya biyan duka.

Amma ga 1,200,000 da biro a shafin farko, a gurbin da su da kansu suka kira adadin da aka tsaya wa. Takarda ɗaya ta faɗi magana biyu. In haka ta faru, kotu ta fi karkata ga abin da aka rubuta da hannu don wannan cinikin musamman a kan abin da aka buga wa kowa da kowa, kuma in magana ta yi harshen damo ana fassara ta ne a kan wanda ya tsara takardar. Sannan za a ce canja sharuɗɗan bashi daban, ba da sabon bashi daban. Lauyansu kuma zai ce sakin layi na huɗu a fili yake, nan gaba na nufin nan gaba, kuma adadin shafin farko bayani ne kawai ba iyaka ba. Wa zai yi nasara? Ni na fi son ɓangarenka, amma ba zan rantse ba sai na ga takardar da idona, kalma ɗaya na iya juya ta.

Tarar 100,000 kuma ka ce su rarraba maka, nawa ne na bashin farko, nawa ne na ƙarin. In ƙarin ba naka ba ne, tararsa ma ba taka ba ce.

Auta:
To tunda su biyu ne ai rabi zai biya ko? 560,000. Mai takalman ya kawo sauran.

Baristan Zaure:
Tsakaninsa da mai takalma, e. Tsakaninsa da banki, a'a. Ma'anar sakin layi na bakwai ke nan: banki na iya karɓar duka a hannun wanda ya fi sauƙin kamawa. Tsakanin ɗan kasuwar da zai iya canja rumfa gobe da mai albashin da aka san makarantarsa da ranar da kuɗinsa ke shiga, ka san wanda za su zaɓa. Don wannan aka ce lallai sai da ma'aikaci. In Malam ya biya duka, yana da haƙƙin ya bi mai takalma rabi, ya kuma bi ƙanin matarsa duk abin da ya biya, da kotu in ta kama. Har jinginar da ke hannun banki, in ya gama biya, shi ke da haƙƙin a miƙa masa ita.

Hajiya Mai Atamfa:
Hmm. Ya kai ƙanin matarsa kotu, ya dawo gida ya ci tuwon wa? Barista wannan haƙƙin a takarda yake.

Baban Ummi:
Hajiya kin taɓo inda yake mini ciwo. Tun ranar Litinin ɗin nan gidan ba daɗi. Ita kuka, ni shiru. Surukata kuma cewa ta yi yaro ne, a yi masa haƙuri, kasuwa ce ta juya masa baya. Shekarunsa talatin da huɗu fa.

Tsohon Ma'aikacin Banki:
Malam bar maganar kotu tukuna, Barista ya ambaci jingina, a nan nake so mu tsaya. Me aka rubuta a takardar sharuɗɗan a matsayin jingina?

Baban Ummi:
Firiza biyu da janareto. Suna cikin shagon, na leƙa ta taga na gan su. Mai shagon ma yana bin kuɗin haya na wata huɗu.

Tsohon Ma'aikacin Banki:
To ka yi sauri kafin mai shago ya riga ka. Abin da zan yi in ni ne: in tara surukata da babban wansu da mai takalma, a kira yaron ta wayar da uwarsa ke samunsa, don tana samunsa, ya yarda a rubuce a sayar da kayan. A sanar da banki, a sayar da saninsu, kuɗin ya shiga asusun bashin kai tsaye. Kada ka fasa shago da kanka, sai a mayar da kai ɓarawo. Kuma kada ka bari su kwashe su sayar su kaɗai, domin a irin wannan gwanjon firizar dubu ɗari biyu tana tafiya a tamanin.

In kayan suka kawo ko 450,000 ne, 1,120,000 ta koma 670,000. In mai takalma ya ɗauki rabi, kai 335,000 ta rage maka. Sannan ka je musu da magana ɗaya: ga kuɗi a hannu na bashin farko, ku yafe tara, ku ba ni takardar sallama cewa kun sake ni daga tsayuwar nan gaba ɗaya, ƙarin kuma ku bi wanda kuka ba. Zan gaya maka wani abu daga ciki: jami'in da ya ba da ƙarin nan ba tare da ya kira garanto ba shi ma a tsorace yake, domin za a tambaye shi. Kuma bashin da ya wuce wata uku ba a biya ba ciwon kai ne a littafinsu. Kuɗi a hannu yau ya fi musu shari'ar shekara biyu.

Baristan Zaure:
Na yarda da wannan, da gyara ɗaya. Duk abin da za ka biya, ka rubuta a takardar rakiya cewa na bashin farko ne, kuma biyan ba ya nufin ka amince da ƙarin. In ba haka ba sai su zuba kuɗinka a ramin 500,000 ɗin, su ce har yanzu na farko na nan. Takardar sallamar kuma kada ka yi wasa da ita. Tsayuwa mai irin sakin layi na huɗu ba ta mutuwa don an biya bashin farko, tana nan a buɗe har sai an rufe ta a rubuce. In ba a rufe ba, yaron na iya dawowa baɗi ya karɓi wani, a sake kawo maka takarda makaranta.

Malam Na Tudun Wada:
Barista, ina da tambaya, ba ta Malam kaɗai ba. Yau in mai tsayuwar ya rasu fa? Mu dai a wurinmu bashin lamuni yana fita daga dukiyar mamaci kafin a raba gado.

Baristan Zaure:
Allah ya gafarta Malam, a nan ba mu saɓa ba. Abin da ya riga ya hau kansa kafin rasuwa ana bin sa a cikin abin da ya bari, ba a aljihun 'ya'yansa ba. Abin da aka ƙara wa mai bashi bayan banki ya sami labarin rasuwar kuma, wannan sai an koma ga takardar.

Ɗan Kwari:
Ni fa har yanzu ƙarin nan ne bai kwanta mini ba. Mutum ya tsaya wa miliyan ɗaya da 'yan kai, ku kira yaro a ɓoye ku ƙara masa rabin miliyan, watakila ma da ita ya yi kuɗin motar Fatakwal, sannan ku ce wani ya biya. Malam in ni ne kotu za ta raba mu.

Tsohon Ma'aikacin Banki:
Alhaji kai kana da kuɗin lauya da lokacin zaman kotu. Kuma ruwa da tara ba sa tsayawa don ana shari'a. In ya sha kaye, abin da zai biya ya fi na yau.

Ɗan Kwari:
In kowa ya ce haka ai ba ranar da za su daina.

Baban Ummi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Na sami mai takalma ɗazu a rumfarsa. Da farko cewa ya yi shi shaida kawai ya sa hannu, sai da na nuna masa sunansa a ƙarƙashin sakin layi na bakwai ya yi shiru, ya ce in ba shi zuwa Juma'a. Surukata ta yarda a yi zaman ranar Asabar bayan la'asar, amma ta ce janareton ba nasa ba ne, na babban wansu ne, aro ya yi. Barista, na tura maka hoton shafi ukun ta akwatinka. In janareton na wani ne kuma an rubuta shi a jingina, wa ke da iko da shi yanzu?